Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar FCCPC: Kada a Bar Fetur a Hannun Mai Sayarwa Ɗaya

Zuwa ga Shugaba da jami'an Hukumar Kula da Gogayyar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ranku ya daɗe, na rubuto muku ne a kan fetur, da kuma wata magana da take ta tasowa tun da matatar Dangote ta fara fitar da shi a watan Satumban 2024. Maganar ita ce, tunda yanzu muna tace namu a gida, sai a rufe ƙofar shigo da shi daga waje, ko a ɗora wa na wajen harajin da zai sa kowa ya haƙura da shigo da shi. Magana ce mai daɗin ji, kuma da yawa daga cikin masu yin ta kishin ƙasa ne yake motsa su. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi murna da wannan matata. Ƙasar da take haƙo ɗanyen mai tun 1958 amma take sayo fetur daga Turai, ranar da ta samu matata mai iya tace ganga 650,000 a kullum, ranar farin ciki ce. Ba na zargin matatar da wani laifi, ba kuma na kare dillalan da suke shigo da mai. Abin da nake tsoro shi ne a wayi gari fetur ɗin mutum sama da miliyan 200 yana fitowa daga hannu ɗaya, ko hannun waye, kuma babu wanda doka ta yarje wa ya kawo wani. Ku aka ɗora wa nauyin hana irin wannan, shi ya sa na nufo ku.

Mun taɓa zama a ƙarƙashin mai sayarwa ɗaya, kuma waɗanda suka yi wayo kafin shekarar 2000 ba su manta ba. Wayar tarho a lokacin kusan duka ta NITEL ce. Ƙasa mai mutum kusan miliyan 120, amma layukan da suke aiki ba su kai rabin miliyan ba. Mutum ya cike takarda ya biya kuɗi, ya yi shekara da shekaru yana jiran a ja masa waya. Wanda ya samu kuma, sai ya ɗaga kan waya ya yi ta sauraro ko za ta kawo. In ruwa ya shiga ramin waya a damina, unguwa guda sai ta yi makonni a kashe, kuma takardar biyan kuɗi ba ta fasa zuwa. Ma'aikatan ba mugaye ba ne fiye da sauran mutane. Abin da ya faru shi ne babu abin da kamfanin zai rasa in ya ɓata maka rai, domin ba ka da inda za ka.

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285. A watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Nan ne darasin da nake so ku duba yake, domin mutane kan ba da labarin kamar daga zuwan salula komai ya yi araha. Ba haka aka yi ba. Waya ta samu, wannan gaskiya ne, amma layi kaɗai ana sayen sa naira 20,000 ko fiye, kira kuma naira 50 ne kowane minti. Kuma minti ake lissafawa cikakke. In ka yi magana ta daƙiƙa 10, naira 50. In ka yi ta minti ɗaya da daƙiƙa 5, naira 100. Duk wanda ya tsaya a ƙarƙashin lemar masu sayar da kira a lokacin zai tuna yadda ake yi: mai kira ya kafa wa fuskar wayar ido, bakinsa yana sauri kamar ana korar sa, mai lema yana tsaye a kansa, da ta nuna daƙiƙa 58 sai ya katse ko sallama babu. Da aka yi ta kuka a koma lissafin daƙiƙa, amsar da ake bayarwa ita ce na'urorin ba su kai nan ba tukuna, sai nan da wasu shekaru.

Sai Globacom ta shigo a watan Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa tun ranar farko. Cikin 'yan watanni sauran biyun suka bi sahu. Kiran nan na daƙiƙa 65, ko da a kan tsohon farashin naira 50 a minti ne, ya dawo wajen naira 54 maimakon 100. Kuɗin layi ya yi ta faɗuwa har ya zo ana kusan ba da shi kyauta. Na'urar da aka ce ba za ta iya ba, ashe tana iyawa. Kamfanoni biyu sun yi shekara biyu suna kallon juna, kowa ya gane cewa in bai taɓa farashi ba ɗan'uwansa ma ba zai taɓa ba, kuma ba sai sun zauna sun ƙulla wata yarjejeniya ba. Baƙon da ya shigo ba shi da ko kwastoma ɗaya, yana neman ƙwace na wasu, shi ne ya fasa wannan zaman. Idan masu sayarwa biyu ba su isa su sauko da farashi ba, ina ga guda ɗaya?

Bari mu yi lissafin a kan fetur, da alƙaluman misali, don a ga cewa ba sai mai sayarwa ya zama azzalumi ba kafin farashi ya hau. A 'yan shekarun nan ƙasar tana shan fetur wajen lita miliyan 50 a kullum. A ɗauka lita tana tsaya wa mai tacewa a naira 700. In akwai masu gogayya da shi, ba zai iya wuce kamar naira 780 ba, domin da ya wuce dillalai za su juya tankokinsu zuwa wani defo. Ribarsa naira 80 ce a lita, wato naira biliyan 4 a kullum in duk kasuwar a haɗe. Yanzu a ce shi kaɗai ne, ya mayar da lita naira 900. Mutane ba za su daina saye ba, domin fetur ba kayan marmari ba ne. Wasu za su ajiye mota, wasu su rage tayar da janareta, wani manomin rani ya rage kadadar da yake ba wa ruwa. A ce sha ya ragu zuwa lita miliyan 46. Ribarsa ta zama naira 200 sau miliyan 46, wato biliyan 9 da miliyan 200. Ya sayar da kaɗan, ya ci riba ninki biyu da ɗoriya. Duk akawun da ya san aikinsa wannan shawarar zai ba maigidansa, kuma bankunan da suke bin bashi za su yi na'am da ita. Lita miliyan 4 ɗin nan da ba a saya ba kuwa, ita ce tumatirin da ba a noma ba, da walda da ba a yi ba, da tafiyar da aka fasa. Wannan asarar ba ta shiga aljihun kowa, ɓacewa kawai take yi.

To me yake hana matata ɗaya yin haka a yau? Abu ɗaya ne: farashin da fetur ɗin waje zai sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas. A haɗa kuɗinsa a kasuwar duniya, da kuɗin jirgi, da inshora, da kuɗin tasha da na ajiya, a juya shi zuwa naira, wannan jimlar ita ce rufin da matatar gida ba za ta iya hudawa ba. In ta wuce shi, gobe wani zai yi odar jirgi. Ba sai an shigo da mai da yawa ba kafin wannan ya yi aiki. Kasancewar ana iya shigo da shi kawai ya isa ya riƙe farashi. Kamar mai injin niƙa ne ɗaya tilo a ƙauye: muddin ya san akwai wani inji a ƙauyen gaba da yara za su iya kai niƙa a keke, ba zai ninka kuɗin kwano ba, ko da a shekara babu wanda ya je can.

Mun ga wannan da idonmu. A watan Oktoban 2024 lita ta kai naira 998 a gidajen man NNPC na Legas, 1,030 a Abuja, mu nan Arewa kuwa ta wuce haka. A watan ne aka daina tsarin da NNPC kaɗai ke sayen fetur daga matatar Dangote ta rarraba wa sauran, aka bar dillalai su saya kai tsaye, ana kuma ci gaba da shigo da na waje. Daga nan matatar ta fara sauke farashin da take sayar wa dillalai: daga naira 990 zuwa 970 a watan Nuwamba, zuwa 899.50 a Disamba, zuwa 890 a farkon Fabrairun 2025, sannan 825 a ƙarshen watan. NNPC ta riƙa bin baya tana sauke nata. Ba na cewa gogayya ce kaɗai ta yi wannan, domin farashin ɗanyen mai da darajar naira su ma sun taka rawa. Amma ɗanyen mai ya sha sauka a baya ba mu gani a famfo ba. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne akwai wanda yake tsoron a ƙwace masa kasuwa. A hanyar da nake bi zuwa kasuwa akwai gidajen mai guda biyu suna kallon juna. Ranar da ɗaya ya sauke allonsa da naira 40, 'yan adaidaita sahu da 'yan acaɓa suka yi dafifi a wurinsa har layi ya fito titi, ma'aikatan ɗaya gidan suna zaune a kan benci suna kallo. Ba a kwana biyu ba na ga yaro a kan tsani yana canza lambobin nasu allon. Babu jami'in da ya zo ya umarce su.

Yanzu ku duba abin da aka so yi. A watan Oktoban 2025 Shugaban Ƙasa ya amince da harajin kashi 15 cikin 100 a kan fetur da gas da ake shigowa da su, kafin a dakatar da shi a watan Nuwamba bayan an yi ta ƙorafi. Lissafin da aka yi a lokacin ya nuna zai ƙara kusan naira 100 a kan kowace lita da aka shigo da ita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, harajin ba fetur ɗin waje kaɗai yake tsadantawa ba. Rufin nan da na ambata ne yake ɗagawa da naira 100, sai matatar gida ta samu sararin ƙara nata da naira 90 ba tare da wani ya iya karya ta ba. Gwamnati za ta karɓi haraji a kan ɗan abin da aka shigo da shi, amma mai saye zai biya ƙarin a kan duk litar da ya sha, ta gida da ta waje. Naira 100 sau lita miliyan 50, naira biliyan 5 ke nan kowace rana. Ɗan adaidaita sahun da yake shan lita 10 a yini, naira 1,000 aka cire daga abin da zai kai gida bayan ya ba mai mashin balas. Rufe ƙofar gaba ɗaya ya fi wannan muni, domin shi rufin ma ɗungurungum yake cirewa.

Na san hujjar da ake kawowa, kuma ba ta banza ba ce. An zuba kusan dala biliyan 20 a wannan matata, wani ɓangare da bashi. Tana rage mana kashe dala, tana ba dubban mutane aiki. Su kuma masu shigo da mai ba waliyyai ba ne, mun san badaƙalar tallafin mai da aka bankaɗo a 2012, mun san masu defo kan haɗa baki. Ana kuma cewa kowace ƙasa da ta gina masana'antu sai da ta kare su suna ƙanana. Amma matatar Dangote da take tace mai a Lekki ta Legas, ba ta biyan kuɗin jirgi daga Turai, ba ta biyan inshorar teku mai nisa, tana da rinjaye a kan na waje tun daga tushe, kuma ta nuna haka da ta riƙa karya farashinsu. Har fitar da mai take yi zuwa wasu ƙasashe. In akwai taimakon da take buƙata, shi ne a ba ta ɗanyen mai isasshe a kan lokaci, kamar yadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta wajabta wa masu haƙowa su wadata matatun gida, a kuma tabbatar da ɗorewar tsarin sayar mata da shi a naira da aka fara a Oktoban 2024. Wannan taimako ne da yake rage mata kuɗin tacewa, kuma mai saye zai iya amfana da shi. Rufe ƙofa kuwa taimako ne da ake cirowa daga aljihun mai saye. In masu defo suna haɗa baki, maganinsa ku kama su da laifin haɗa baki, dokarku ta ba ku wannan iko.

Sai maganar inganci, wadda ta fi ta farashi wuyar gani. A watan Fabrairun 2022, lokacin da NNPC ce kaɗai take shigo da fetur, aka gano cewa wasu jirage da suka taso daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam sun kawo fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima. Ya riga ya shiga gidajen mai, motocin mutane sun riga sun lalace. Da aka janye shi, sai ƙasa ta faɗa ƙarancin mai na makonni, 'yan bumburutu suka cika titi da jarkoki, domin babu wani mai kawowa na biyu da zai cike giɓin. Kuskure ɗaya a hannun mai kawowa ɗaya ya zama kuskuren ƙasa baki ɗaya. Da masu shigowa goma ne, da an killace kayan ɗaya, sunansa ya ɓaci, sauran tara sun ci kasuwarsa.

Wannan misalin yana kuma nuna cewa na waje ba ya nufin mai kyau. An daɗe ana haɗa mai mai yawan farar wuta a tashoshin Turai musamman don Afirka ta Yamma, saboda dokokinmu sun yi sako-sako. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince kada farar wuta a mai ta wuce kashi 50 cikin miliyan ɗaya, daga baya Holan da Beljiyam suka hana fitar da gurɓataccen man daga tashoshinsu. Farar wuta in ta yi yawa tana cin inji, tana ɓata man juye da wuri, hayaƙinta yana shiga ƙirjin yaran da suke talla a bakin titi. Direba ba ya iya gane ta da ido ko da hanci. Sai bayan watanni ya ga mota tana kaɗawa, fulogi yana yin baƙi, ya ɗora wa bakanike laifi. A watan Yulin 2024 muka ga hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA da matatar Dangote suna musayar yawu a bainar jama'a a kan wane gas ne ya fi yawan farar wuta, na gida ko na waje, kowa yana kawo nasa gwajin. Abin da ya sa ma aka iya yin wannan musu shi ne akwai kaya iri biyu a kasuwa da za a gwada da juna, kuma kowane ɓangare yana da dalilin tona asirin ɗayan. Ranar da ya zama kaya ɗaya ne, babu abin gwadawa. Kuma wane jami'i ne zai iya rufe famfon da ƙasa duka take sha daga gare shi, ko da gwaji ya nuna matsala? Zai duba layukan da za su biyo baya, ya mayar da takardar cikin durowa. Mai sayarwa ɗaya yakan fi ƙarfin hukumar da aka naɗa ta sa masa ido, ba don ya saye ta ba, sai don ba ta da yadda za ta yi in babu shi.

Haka abin yake ga yankewar kaya. Matata inji ce, dole a tsayar da wani sashe a yi masa gyara, wani lokaci kuma ya tsaya da kansa. A ƙarshen Satumban 2025 ƙungiyar manyan ma'aikatan mai ta PENGASSAN ta shiga yajin aiki saboda rikicinta da matatar Dangote, ta ba da umarnin a datse mata ɗanyen mai da iskar gas. Ba ina yanke hukunci a kan wa ke da gaskiya ba. Ina cewa ne rikicin kamfani ɗaya da ma'aikata bai kamata ya iya tsayar da ƙasa ba. Maƙwabtanmu na Nijar suna da matata ɗaya a Damagaram da kamfanin gwamnati ɗaya mai rarrabawa, kuma a watan Maris na 2025 sun ɗanɗana ƙarancin mai mai tsanani da matatar ta kasa wadatar da su.

Mu 'yan Arewa abin ya fi shafar mu, saboda mu ne a ƙarshen layi. Matatar Kaduna ta daɗe ba ta aiki. Bututun da ake turo mai zuwa defo-defon Kano da Gusau da Gombe da Maiduguri sun daɗe da zama tarihi. Asusun da yake biyan kuɗin dakon mai don farashi ya daidaita a ko'ina ya tafi tare da tallafi. Kowace lita da muke sha tanka ce take ɗauko ta daga bakin teku, tafiyar da kan kai kilomita 1,000 ko fiye. Matatar Fatakwal da aka ce ta tashi a Nuwamban 2024 an sake rufe ta a Mayun 2025. Ƙananan matatun da suke aiki kuma yawanci gas da kananzir suke yi. Don haka a maganar fetur, gogayya ta gaske ɗaya ce ta rage, ita ce ta jirgin ruwa. Shirin da matatar Dangote ta sanar a 2025 na kai mai har gidajen mai da motocinta 4,000 masu amfani da iskar gas zai iya sauƙaƙa mana farashi, kuma ina fatan ya yi. Amma ku lura da abin da yake biyo baya: in mai tacewa shi ne mai dako, shi ne kuma mai zaɓar gidan man da zai samu rangwame, to defo masu zaman kansu za su bushe, masu tanka su sayar da motocinsu. Ranar da wata matata ta biyu ta tashi, ko aka buƙaci jirgi ya kawo ɗauki, sai a tarar babu tankin ajiya, babu motar ɗauka. Rusa waɗannan abubuwa shekara ɗaya ta isa, sake gina su kuwa sai an yi shekaru.

A nan ne aikinku yake da wuya, kuma na san da haka. Sauke farashi shi ne abin da muke nema daga gogayya, amma shi ne kuma makamin da babba yake kashe ƙanana da shi. Yadda ake bambancewa shi ne a duba littafi. In kamfani yana sayarwa da araha saboda kayansa suna tsaya masa da araha, wannan cin kasuwa ne na halal, kuma wanda ya kasa sai ya haƙura. In kuwa yana sayarwa ƙasa da abin da kayan suka tsaya masa, musamman a daidai lokacin da jirgin abokin gogayya yake sauke kaya, sannan farashi ya koma sama da zarar wancan ya yi asara ya janye, to wannan wani abu ne daban. Sashe na 72 na dokarku ya ambaci irin waɗannan: tsawwala farashi, sayarwa ƙasa da kuɗin samarwa, hana abokin gogayya amfani da abin da ba makawa sai da shi, da tilasta wa mai saye kada ya yi hulɗa da wani. Tarar tana iya kaiwa kashi 10 cikin 100 na cinikin shekara. Kun ci wani babban kamfanin taba tarar dala miliyan 110 a ƙarshen 2023, don haka ba a ce ba ku da haƙora ba. Ba ina cewa wani ya aikata waɗannan a harkar fetur ba. Ina cewa ku kaɗai ne kuke da ikon neman littattafan ku duba, kuma bai kamata ku jira sai an yi ɓarna ba.

Kun yi abin a yaba da kuka nemi shiga ƙarar da matatar ta shigar a 2024 tana ƙalubalantar lasisin shigo da mai da aka ba NNPC da wasu kamfanoni. Kotu ba ta amince ku shiga ba, daga baya kuma matatar ta janye ƙarar a Yulin 2025. Ma'anar haka ita ce tambayar tana nan ba a amsa ta ba. Sashe na 317 na Dokar Masana'antar Man Fetur ya ba NMDPRA damar fifita tacewa a gida da danganta lasisin shigowa da giɓin da matatun gida suka bari. Wa zai auna giɓin, da alƙaluman wa, kuma a kan wane farashi? Matata tana iya cewa tana da isasshen mai, kuma gaskiya ta faɗa, amma isasshe a naira 800 daban ne da isasshe a naira 1,100. In aka bar wannan ga takardar da jami'i ɗaya zai sa wa hannu a ofis, to za a iya rufe ƙofar ba tare da an taɓa sanar da cewa an rufe ta ba, ta hanyar jinkirta lasisi kawai.

Roƙona gare ku shi ne ku fito da matsayinku a rubuce, ku aika wa fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Tarayya da NMDPRA, cewa muddin matatun da suke fitar da fetur da gaske ba su kai uku masu zaman kansu da juna ba, lasisin shigo da shi ya kasance a buɗe ga duk wanda ya cika sharaɗin inganci da na kuɗi, kuma kada a ɗora wani haraji sai an fara wallafa lissafin abin da zai ƙara wa mai saye. Ku nemi a riƙa buga, kowane mako, farashin da fetur ɗin waje yake sauka a tasha kusa da farashin da matatun gida suke sayarwa, yadda ɗan jarida da ɗan kasuwa za su ga tazarar da kansu. In tazarar ta fara buɗewa babu dalili, wannan ce alamar farko. Gwajin inganci kuma ya zama ma'auni ɗaya ga kowa, a ɗakin gwajin da ba na mai kayan ba, a ɗebi samfur daga jirgi, daga bakin matata, daga kuma famfon gidan mai a Kano da Sakkwato da Maiduguri, a fitar da sakamakon da sunan kowa. Sannan ku karɓi kwafin yarjejeniyoyin da ake ƙullawa tsakanin manyan masu kawo mai da gidajen mai, ku duba ko akwai sharaɗin da yake hana mai gidan mai saye daga wani wuri, ko rangwamen da ba ya samuwa sai ya yi alƙawarin haka. Ƙananan dillalai ba za su kawo muku ƙara da sunansu ba, domin wanda za su kai ƙara shi ne zai loda musu mota gobe. Ku buɗe musu hanyar da za su yi magana a asirce, ku kuma turo jami'anku ofisoshinku na Arewa su zauna da su.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Kano